Mauludi: A Ina Ne Ainihin Saɓanin Malamai Yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mahaifinmu ba ya wasa da Mauludi, yayana kuma ya ce bidi'a ce, ko abincin ba ya ci. Bana an sa ni cikin masu shirya na unguwarmu. Don Allah a warware mini: daga ina abin ya samo asali, me ya raba malamai a kai, kuma ni yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, fara da sanin abin da ba a yi saɓani a kansa ba, don shi ne zai rage maka rabin hayaniyar. Duk malaman da suka yi rubutu a kan wannan mas'ala, masu yarda da masu hanawa, sun haɗu a kan cewa Annabi (SAW) bai shirya taron shekara-shekara don haihuwarsa ba, sahabbai ba su yi ba, tabi'ai da mabiyansu ma haka. Ibn Hajar al-Asƙalani, wanda masu Mauludi suka fi kafa hujja da fatawarsa, da wannan maganar ya buɗe ta: asalin aikin bidi'a ne, ba a ruwaito shi daga kowa ba cikin ƙarni uku na farko. Saboda haka idan ka ji mai wa'azi yana cewa Sayyidina Abubakar ko Sayyidina Umar sun faɗi ladan wanda ya kashe dirhami a Mauludi, ka san ƙagaggen zance ne, ba shi da isnadi. Haka nan sun haɗu a kan cewa son Annabi wajibi ne, karanta tarihinsa da yi masa salati da ciyar da mabuƙata duk ayyukan lada ne. Abin da ya rage a tsakiya guda ɗaya ne: a tattara waɗannan ayyuka a wani lokaci ayyananne da ke dawowa duk shekara saboda haihuwarsa, ya halatta ko bai halatta ba?

Ranar kanta ma akwai magana. Abin da ya tabbata da hadisi ingantacce shi ne Litinin ce, domin Muslim ya ruwaito daga Abu Ƙatada cewa an tambayi Annabi game da azumin Litinin sai ya ce a ranar aka haife shi, a ranar kuma aka aiko shi. Shekarar Giwa ce, watan kuma Rabi'ul Awwal a wurin mafi yawan malamai. Amma kwanan watan, Ibn Is'haƙ ya ce 12, kuma shi ya fi shahara. Wasu sun ce 2, wasu 8, wasu 10. Masanin falaki na Masar, Mahmud Basha, ya yi lissafi ya ce 9. 'Yan Shi'a kuma suna riƙe da 17. Masu hanawa suna ƙara da cewa 12 ga wannan watan ita ce kuma ranar da ta shahara a matsayin ranar wafatinsa, a shekara ta 11 bayan Hijira.

Taron ya fara bayyana ne a fadar Faɗimiyyawa a Masar, inda ake yin mauludin Annabi tare da na Ali da Faɗima da Hasan da Husaini da na halifan da ke kan gado. Na fada ne: a yi huɗubobi, a raba alewa ga manyan ma'aikata. Wanda ya mayar da shi bikin jama'a a tsakanin Ahlus Sunna shi ne sarkin Irbil na ƙasar Iraƙi, Muzaffaruddin Kukburi, surukin Salahuddin al-Ayyubi, wanda ya rasu a shekara ta 630 bayan Hijira. Ibn Khallikan, haifaffen garin, ya siffanta yadda ake kakkafa rumfunan katako tun watan Safar, baƙi suna kwararowa daga garuruwa, a yanka raƙuma da shanu da tumaki. Ya kuma faɗi wani abu mai amfani gare ka: sarkin yakan yi taron wata shekara ran 8, wata shekara ran 12, saboda saɓanin da ke kan ranar. A yamma kuma, a garin Sabta na Magrib, alƙali Abul Abbas al-Azafi ya kira mutane zuwa gare shi ne don ya ga 'ya'yan Musulmi suna rububin bukukuwan Kirista. Wannan ya sa tun farko abin ya zo da fuska biyu, ibada a wurin wasu, dabarar tarbiyya a wurin wasu.

Daga nan kowace al'umma ta ba shi kamanninta. A Turkiyya waƙar Sulaiman Celebi ake rerawa, wadda ya rubuta a Bursa a 1409. A gaɓar gabashin Afirka da Indunusiya littafin Barzanji ne a gaba, garin Lamu na Kenya kuma ya yi suna da taron masallacin Riyadha. A Senegal ana kiransa Gamu, jama'a suna ɗunguma zuwa Tiwawan da Kaulaha. A ƙasar Hausa ana karatun Ishiriniya da Burda tun shigowar wata, makarantun Islamiyya su yi zagaye, Kano ta yi Takutaha a mako guda bayan ranar, Daura da Gumel su yi hawan Sallar Gani. Saudiyya kuwa ba ta ba da hutu a ranar. In ka tuɓe duk waɗannan riguna, ƙashin bayan taron huɗu ne: karatun Alƙur'ani, karanta labarin haihuwa da sira, yabo da salati, sai ciyarwa. Suyuɗi kuwa, lokacin da ya ba da fatawar cewa bidi'a ce kyakkyawa, ya ƙayyade shi a kan karatun Alƙur'ani da labarin haihuwa da ciyarwa, ya ce ba tare da ƙari a kan wannan ba.

To, a nan tushen rabuwar yake, wato ma'anar bidi'a. Hadisan da kowa ya yarda da su ne ake ja a kai. Na Nana A'isha yana cewa wanda ya ƙirƙiro a cikin wannan al'amari namu abin da ba ya cikinsa, an mayar masa. Na Jabir kuma yana cewa kowace bidi'a ɓata ce. Ɓangare na farko, wanda ya haɗa da Izzuddin bin Abdussalam da Nawawi da Ƙarafi, suna ganin sabon abu ana auna shi ne da ma'aunin shari'a: in ya shiga ƙarƙashin wata ƙa'ida ta wajibi ya zama wajibi, in ta haram ya zama haram, haka har hukunce-hukunce biyar. Suna dogaro da maganar Imamu Shafi'i cewa fararrun abubuwa iri biyu ne, wanda ya saɓa wa Littafi ko Sunna ko ijma'i shi ne ɓata, wanda bai saɓa ba na alheri kuma ba abin zargi ba ne. Suna kawo maganar Sayyidina Umar lokacin da ya haɗa mutane bayan liman ɗaya a tarawihi ya ce madalla da wannan bidi'a, da kiran sallar farko na Juma'a da Sayyidina Usman ya ƙara. A wurinsu kalmar "abin da ba ya cikinsa" tana nuna akwai sabon abin da yake cikinsa.

Ɓangare na biyu, su Ibn Taimiyya da Shaɗibi da Fakihani, malamin Malikiyya na Iskandariyya, suna cewa "kowace" tana nufin kowace. A wurinsu ibada ba a ƙirƙirar ta, kuma ba a ƙirƙirar mata lokaci ko adadi ko siffa. Tarawihi a jam'i Annabi ya yi ta da kansa na wasu darare, ya bari don tsoron kada a farlanta, saboda haka Umar raya ta ya yi. Abin da halifofi shiryayyu suka yi kuwa an umarce mu da binsa. Shaɗibi ya zo da wani rabe-rabe da ya kamata ka riƙe: akwai bidi'ar da ba ta da asali kwata-kwata, akwai kuma wadda asalinta shari'a ne amma an rataya mata wani ƙaidi da shari'a ba ta sa ba. Salati sunna ne, sira alheri ce, amma ɗaure su da daren 12 ga wata kaza duk shekara shi ne ƙaidin da suke tambayar wa ya sa shi.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce wadda Ibn Taimiyya ya tsara. Ya ce dalilin da zai sa a yi Mauludi, wato son Annabi da girmama shi, yana nan a zamanin sahabbai fiye da namu, kuma babu abin da ya hana su, amma ba su yi ba. Da alheri ne tsantsa da sun riga mu. Wannan ya bambanta da tara Alƙur'ani a littafi ɗaya, wanda dalilinsa bai taso ba sai da mahaddata suka yi shahada da yawa a yaƙin Yamama. Mai Mauludin da yake da gaskiya a zuciyarsa dole ya tsaya ya amsa wannan, kada ya kauce da cewa ai mota da lasifika ma sababbi ne, domin ba wanda ya ce hawa mota ibada ne.

Amsar da ɓangaren farko suke bayarwa ita ce barin abu shi kaɗai ba ya nuna haramci, sai in akwai hani. Sannan Ibn Hajar ya samo asali daga hadisin Ashura: Annabi ya iso Madina ya tarar Yahudawa suna azumi don godiya bisa tsirar Annabi Musa, sai ya ce mu muka fi cancanta da Musa, ya azumci ranar. Daga nan ya fitar da cewa ana iya gode wa Allah a rana ayyananniya kan wata ni'ima, a kuma maimaita duk shekara, kuma wace ni'ima ce ta kai bayyanar Annabin rahama? Masu hanawa suka ce wancan azumin Annabi ne ya shar'anta shi, kuma ga hadisin Litinin nan ya nuna yadda shi da kansa ya gode wa haihuwarsa: azumi, duk mako. Masu yarda suka ce hadisin Litinin ɗin ai ya tabbatar da cewa ranar haihuwa dalili ce ta godiya, godiya kuwa tana da hanyoyi. Ka ga hadisi ɗaya, kowa na jan sa zuwa gefensa, kuma ba wanda ya ƙirƙiro shi.

Akwai hujjoji biyu da ake yawan ji a dandali waɗanda ba su kai ƙarfin da ake ba su ba. Labarin sassauta wa Abu Lahab azaba saboda 'yanta baiwarsa Suwaiba, wadda ta shayar da Annabi, yana cikin Bukhari, amma maganar Urwa ce, mafarki ne wani ya yi, kuma lafazin Bukhari bai ambaci Litinin ba, bai kuma ce ya 'yanta ta ne don albishirin haihuwa ba. Wannan ƙarin daga wasu littattafai ya zo. Hadisin cewa Annabi ya yi wa kansa yankan suna bayan an aiko shi, wanda Suyuɗi ya dogara da shi, malaman hadisi sun raunana shi ƙwarai. A ɗaya gefen ma akwai wuce gona da iri. Wanda ya ce duk mai Mauludi mushiriki ne ko ɗan wuta, ya faɗi abin da Ibn Taimiyya bai faɗa ba. Shi cewa ya yi wasu mutane suna yi don son Annabi, kuma Allah yana iya ba su lada a kan wannan so da ƙoƙari, ba a kan bidi'ar ba. Abu Shama kuma, malamin Nawawi, a cikin littafin da ya rubuta musamman don yaƙar bidi'o'i ne ya yaba wa abin da ake yi a Irbil na sadaka da nuna farin ciki.

Ra'ayina shi ne mas'alar ta ijtihadi ce a kan asalin taron. Wanda ya ƙaurace ya tsaya a kan abin da magabata suka tsaya, ba wanda ya isa ya ce masa maƙiyin Annabi. Wanda ya halarci taro tsaftatacce yana bin fatawar manyan limamai, ba a fitar da shi daga Sunna da wannan kaɗai. Sai dai akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna maka inda taronku ya tsaya. Ka ba kwamiti shawarar a ɗaga shi zuwa Asabar ta gaba don ma'aikata da ɗalibai su samu zuwa. In suka ce ba komai, to sun ɗauke shi wa'azi da tunatarwa, hujjar masu hanawa ta rage ƙarfi a kansu. In suka ce ladan yana cikin daren ne kawai, ko suka fara zargin wanda bai zo ba da raunin imani, to an mayar da shi idi na uku, kuma wannan shi ne daidai abin da Shaɗibi yake tsoro.

Yanzu mu ɗauki tsarin da aka saba gani mu bi shi ɗaya bayan ɗaya, tunda kana cikin masu shiryawa. A ce an tsara farawa bayan Isha'i, a tashi ƙarfe uku na dare, an kafa rumfa a kan titi, an ɗaura lasifika a kusurwa huɗu, an yanka wa kowane gida kuɗi, ɗalibai za su yi anko, an gayyato malami ɗaya da sha'irai biyar.

Lokacin shi ne matsala ta farko. Wanda ya kwanta ƙarfe uku da rabi da wuya ya ga sallar Asuba a jam'i, wani ma sai rana ta fito. An bar farilla saboda abin da ko masu yinsa ba su ce ya wuce mustahabbi ba, kuma babu malamin da ya halatta haka. Alamar da za ka gane ita ce sahun Asuba na washegari: in ya ragu, tsarin ya ɓaci. Awa biyu zuwa biyu da rabi sun isa, a fara da zarar an idar da Isha'i, a rufe kafin sha ɗaya. Lasifika kuma a juyo da ita cikin taro, a rage ta daidai kunnen waɗanda ke zaune, saboda a bayan katangar nan akwai majinyaci da mai jego da wanda zai yi sammakon aiki. Titi haƙƙin kowa ne. In akwai harabar makaranta ko fili, can ya fi, in babu a bar hanyar da mota za ta wuce.

Kuɗi shi ne na biyu. Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, kuma Fakihani tun a zamaninsa ya koka da abin da ake karɓa da takobin kunya. Idan aka bi gida-gida da littafi ana karanta sunan wanda bai biya ba, sadakar ta koma tara. A sa akwati, kowa ya jefa abin da ya samu. Anko ma haka: uban da yake da 'ya'ya huɗu a makaranta zai ci bashi, ko yaransa su laɓe a gida ranar zagaye suna kuka. Kayan makaranta wankakku sun wadatar. Abin da aka tara kuma mafi yawansa ya tafi tukunya, a fara kai wa marayu da gidajen da aka san ba su ɗora ba, kafin manyan baƙi da suka ƙoshi tun daga gida.

Na uku, kuma wanda ya fi damuna, shi ne abin da ake faɗa a makirfo. Malami ɗaya da sha'irai biyar yana nufin karatu minti ashirin, bege awa huɗu. A juya lissafin. A ba malami aƙalla rabin lokacin, a kuma zaɓa masa babi guda tun da wuri, misali shekarun Annabi a wurin Halimatus Sa'adiyya, ko yadda yake zaune da iyalinsa, ko sulhun Hudaibiyya, don jama'a su tashi da abin da za su iya maimaitawa. A roƙe shi duk ƙissar da zai kawo ya faɗi inda take. Ƙagaggun labarai sun fi yawa a babin haihuwa, kuma alamarsu a fili take: lada mai ɗimbin yawa a kan ɗan ƙaramin aiki, ko a jingina wa Annabi cewa wanda ya girmama mauludinsa zai cece shi, alhali an riga an yarda ba a san taron ba a zamaninsa. Yin ƙarya ga Annabi a taron yabonsa babban laifi ne, hadisin da ya yi gargaɗi a kai kuma mutawatiri ne.

Yabo kansa yana da asali mai ƙarfi, Hassan bin Sabit ya yi shi a masallacin Annabi, Ka'ab bin Zuhair ya yi a gabansa. Iyakarsa ita ce wadda Annabi ya sa da bakinsa a hadisin Bukhari: kada ku wuce iyaka a yabona kamar yadda Nasara suka yi wa ɗan Maryam, ni bawa ne, ku ce bawan Allah kuma Manzonsa. Don haka wani daga cikin kwamiti mai ilimi ya saurari baitocin kafin ranar. Duk baitin da ya ba Annabi ko wani shehi abin da yake na Allah ne shi kaɗai, ko ya yi habaici ga waɗanda ba su zo ba, a cire shi. Miƙewa tsaye idan an zo ambaton haihuwa al'ada ce da wasu malamai suka kyautata don girmamawa, wasu suka ce ba ta da asali. Kada a tilasta wa kowa, kada kuma a harari wanda ya zauna. Mata su samu wurinsu daban da ƙofarsu daban da haske isasshe, a sa dattawa a bakin hanya, domin Ibnul Hajj, shi ma Bamalike, cakuɗuwa da kaɗe-kaɗe ne suka fi tayar masa da hankali a mauludin zamaninsa.

In kwamiti ya karɓi waɗannan gyare-gyare, kuma zuciyarka ta natsu da fatawar masu halattawa, ka yi aikinka. In ka karanta hujjojin ka ga na masu hanawa sun fi gamsar da kai, ka je wurin Baba kai kaɗai, ka durƙusa ka faɗa masa cikin ladabi, ka nemi ya sauya maka da wata hidimar, kamar kai abinci gidajen mabuƙata. Kada ka yi masa wa'azi a gaban mutane. Yayanka kuma yana da haƙƙin ya ƙi zuwa, amma ba shi da haƙƙin ɗaga wa mahaifi murya ko daina gaishe shi, domin biyayyar iyaye nassi ce da ba a yi saɓani a kanta ba. Batun abinci kuwa, dabbar da Musulmi ya yanka da sunan Allah don ciyar da mutane halal ce, ba ta zama mushe saboda ranar da aka dafa ta. Malaman da suka ce a guje shi sun faɗa ne don kada a ƙarfafa taron. In yayanka ya bi wannan, ya karɓi kwanon da hannu biyu ya yi godiya, ya miƙa wa wanda zai ci, kada ya mayar da shi, kada kuma ya zubar.

Wallahu a'alam.